Takardar kwanakin bashi

"Ina sayar da taki bashi a Gujungu. Akanta ya kawo mini takarda mai layuka 0-30, 31-60, 61-90 da sama da 90. Yaya zan karanta ta?"

Alhaji, lambobin nan kwanakin da bashi ya yi ne; wasu na ƙirga su daga ranar alkawarin biya, wasu daga ranar ɗaukar kaya, sai ka tambayi akanta wanne ya bi. Fara dubawa daga layin ƙarshe. A ce kana bin naira 500,000, 150,000 na zaune a sama da 90: kashi 30 cikin ɗari ke nan, ya yi yawa, kada masu shi su ƙara ɗaukar ko buhu ɗaya.

Amma manomin da kuka yi da shi sai kaka, duba ko akanta ya sa masa wa'adin kwana 30. In haka ne, takardar ce ta yi masa ƙarya.