Gwada gudu tsakanin kwamfuta biyu a kafe da iperf3

"Salam oga, a kafe ɗinmu nan wajen Ringim in zan kwashe bidiyon darasi daga babbar kwamfuta zuwa na ɗalibai sai ya yi ta ja kamar ba zai ƙare ba. Na yi Speedtest ya ba ni 12. In canza layi ne ko in ƙara data?"

Wa alaikumus salam. To ƙanina kar ka kashe ko sisi a kan data tukunna, wallahi ba ruwan layi da wannan maganar. Fayil ɗin nan daga babbar kwamfuta yake fita ya bi kebul ya shiga suwic ya faɗa ɗayar, ko ƙofar kafe bai leƙa ba balle ya je eriyar kamfani, shi kuwa Speedtest hanyar waje yake auna maka. Abin da za ka auna na cikin ɗaki ne, kuma iperf3 ake yi da shi, kyauta ne, ka sauke sau ɗaya ka sa a filas ka kai wa kwamfutocin biyu. Amma duka su zama iperf3 fa, in ɗaya tsohon iperf ne na 2 ba sa jin yaren juna.

A babbar kwamfutar ka buɗe cmd a cikin foldar da ka ajiye shi, ka fara buga ipconfig ka rubuta lambar da ke gaban IPv4 Address, mu ce 192.168.1.10 ce, sai ka buga wannan, zan rubuto a ƙasa

```
iperf3 -s
```

Ka bar ta haka, za ta ce tana saurare a 5201. Sai ka je ta ɗalibi ka buga

```
iperf3 -c 192.168.1.10 -R
```

Wannan -R ɗin ka sa shi, don in babu shi ta ɗalibin ce za ta tura, kai kuma matsalarka daga babbar ne zuwa ƙanana. Sakan 10 yake yi ya gama. In ka ga ya tsaya shiru daga baya ya ce ya kasa haɗuwa, yawanci fayawol ɗin Windows na babbar ne ya tare 5201, ka ba shi izini. Af, kuma in laftof ce ka kashe waifai, in ba haka ba tana iya bin iska kai kana zaton kebul kake aunawa.

To ka duba layin ƙasa, ƙarƙashin Bitrate. In ka ga wajen 940 Mbits/sec, netwok ɗinka lafiya lau, gigabit ne, dama ba ya cika 1000. Kenan laifin na hadis ɗin kwamfutar ne ko antibairos, don iperf3 ba ya taɓa hadis ko kaɗan. Amma ni yadda ka faɗi alamar nan na fi zaton 94 za ka gani, ƙyam, ba ya hawa ba ya sauka. Wannan yana nufin wani abu a hanya ya maƙale a 100. Ka raba da 8, kusan megabait 12 ke nan a sakan, bidiyon giga ɗaya sai ya ci minti ɗaya da rabi, alhali a gigabit sakan 10 ya ishe shi. Yanzu lissafa kwamfuta ashirin suna ja lokaci guda daga kebul ɗaya na babbar, wannan 94 ɗin za su yi ta rabo.

Kuma abin da ke ƙona min rai kenan, masu ɗaura kan kebul. Akwai wata makaranta da aka kira ni can bayan Gaya, sun sayi suwic na gigabit mai tsada, amma 94 duk inda na gwada. Na zare kebul na duba kan, waya huɗu kawai mutumin ya matse a ciki, sauran huɗun ya yanke ya yar, wai ai yana aiki. E yana aiki mana, 100 waya huɗu take buƙata, amma gigabit sai takwas ɗin duka, ko ɗaya cikin ƙarin huɗun nan ta tsinke zai koma 100 kuma fitila na nan tana ƙyalli kamar ba komai. Ga shi kebul ɗin ma irin mai arhar nan ne, alminiyom aka shafa wa jan ƙarfe, kana lanƙwasa shi sau biyu ya karye a ciki, kuma ya ja shi ta ƙarƙashin kwano inda zafin bazara da ɓera... kai, bari dai.

Kai dai in ka ga 94, fara duba jikin suwic ɗin, in an rubuta 10/100 kawai to shi ne, ba kebul ɗin da zai cece ka. In gigabit ne, ɗauko gajeren kebul na kamfani ka matso da kwamfutar ɗalibin kusa da suwic ka sake gwadawa. Ya hau 940, dogon kebul ɗinta ne. Bai hau ba, canza na babbar, don in nata ne ya lalace kowa 94 zai samu. In duka biyun ka canza yana nan, to katin netwok na ɗaya daga cikinsu ne na 100, tsofaffin kwamfutocin nan na gwanjo akwai masu haka. Ka turo min hoton abin da ya fito da lambar jikin suwic ɗin in gani.