Gajeren suna ko dogo: wanne ya kamata in sa wa fayil?

Tambaya: Salam Malam. Ina aiki a shagon buga takardu, maigidan da ya koya min kwamfuta ya ce in riƙa sa wa fayil gajeren suna wai dogon suna yana lalata fayil. To yanzu in kwastoma ya dawo neman aikinsa sai na buɗe fayil goma kafin in gano nasa. Da gaske ne maganar nan?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Maganar maigidanka tana da asali, sai dai zamani ya wuce ta. Lokacin MS-DOS, wato tsohon tsarin da kwamfuta ke aiki da shi a da, harafi 8 kacal aka yarda ka sa, sai ɗigo, sai harafi 3 na nau'in fayil, kamar `WASIKA01.DOC`. Da Windows 95 ta fito a 1995 aka ɗaga iyakar zuwa harafi 255, amma waɗanda suka koyi aiki a wancan lokacin hannunsu ya riga ya saba, su kuma suka koyar da na bayansu a haka.

Ni abin da ya fi damuna da gajeren suna ba ma wahalar nema ba ce, karo ne. Kalmomin da ke fara zuwa wa mutum a rai kaɗan ne, `cv`, `letter`, `new`, `final`, kuma kowa su yake sawa. Na taɓa zama a wani shago wata ɗaliba ta zo da filashi za a gyara mata babi na huɗu na furojet ɗinta, sunan fayil ɗin `chapter4.docx`, ashe a folda ɗin akwai na wani ɗalibi mai wannan sunan sak wanda aka kwana biyu ana masa taifin. Kwamfuta ta yi tambaya, yaron shagon bai ko karanta ba ya danna `Replace the file in the destination`, shi ke nan nata ya hau kan na wancan. Kuma fayil ɗin da aka danne ta haka ba ya zuwa `Recycle Bin`, mun duba babu, sai da aka sake buga shafukan daga farko. Wallahi har yau in na tuna fuskar yaron nan sai in ji ba daɗi.

Ga yadda nake auna abin. Ka ɗauka ka tura fayil ɗin ta WhatsApp, folda ba za ta bi shi ba, sunansa kawai zai tafi da shi. Wanda ya karɓa zai gane mene ne ba tare da ya buɗe ba? In ba zai gane ba to sunan ya yi gajarta. Duk fayil ɗin da zai fita daga kwamfutarka ko za a dawo nemansa bayan wata uku, ka ba shi suna mai faɗin yaushe, na wa, kuma mene ne:

```
2024-03-12_islamiyya_rasit-zango2_gyara02.docx
```

Shekara ce a gaba, sai wata, sai rana, don in ka jera su da suna za su bi kwanan wata da kansu. In ka fara da rana, 12 ga Maris da 12 ga Disamba za su zauna kusa da juna. Sannan ka rabu da `final`, kwastoma kullum yana da wani gyaran, lamba ta fi. Sauya suna kuma ba wuya, ka zaɓi fayil ka danna `F2`.

Inda dogon suna yake kawo matsala da gaske, kuma ina jin nan maigidanka ya taɓa ƙonewa: manhajoji da yawa a Windows suna tsayawa a harafi 260, kuma lissafin ya haɗa da sunayen duk foldodin da fayil ɗin ke ciki tun daga `C:\`. Folda cikin folda cikin folda, kowacce da suna kamar jimla, sai ka zo kwafa ka ga `Destination Path Too Long`. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, ka rage sunan folda ɗaya ko biyu zai wuce. Shi ya sa folda nake ba gajeren suna, `2024` ko `rasit` ya isa, bayanin ya zauna a kan fayil.

A waya kuma allo ƙarami ne, wani ɓangaren sunan yakan ɓuya, don haka kar ka ɓata farkonsa da irin su `document_for`. Harafi 30 zuwa 50 yana wadatar da ni. Tsofaffin fayilolinka ba sai ka zauna gyara su rana ɗaya ba, duk wanda ka buɗe ka gano na wane ne, ka sauya masa suna nan take kafin ka rufe.