Likita na amsa: cin abinci da shan ruwan 'yan wasan makaranta

"Likita, ni malamin wasanni ne a wata kwaleji cikin Birni. Ƙarfe huɗu da rabi muke shiga fili. Wasu yaran suna zuwa ciki ba komai, wasu kuma da sun fara gudu sai amai. Me zan ce su ci?"

Malam, matsalar yaran nan biyu ɗaya ce, ta lokaci. Abincin rana mai nauyi, irin shinkafa da wake, ko tuwo, ko taliya da miya, yana son awa uku zuwa huɗu kafin ciki ya sauke shi. Don haka ka ce musu su ci tsakanin sha biyu da rabi da ɗaya da rabi. Wanda ya zauna gaban kwano ƙarfe uku da rabi, da ya fara gudu jini zai bar hanji ya koma cinyoyi, abincin ya tsaya cak, sai ciwon kwiɓi da tashin zuciya. Maiƙo ne ya fi komai daɗewa a ciki. Ɗan wake da aka tsiyaya wa mai har yana ƙyalli, ko awara da ƙosai masu zafi daga kasko, abinci ne masu kyau, amma ba dab da shiga fili ba. Haka yaji mai yawa.

Yaron da bai samu abincin rana ba, kada ka ce ya je ya cika ciki, kada kuma ka bar shi haka. Saura awa ɗaya ko rabin awa, abu kaɗan mai saurin narkewa ya ishe shi: kofin kunu ko koko, dabino uku zuwa biyar, ayaba ɗaya, ko guntun burodi. Dabino ya fi sauƙi, tunda ba ya lalacewa a aljihu kuma yana ko'ina a kasuwa. Da ni ne kai, zan riƙa ajiye ƙullin dabino a jaka, in kuma tambayi yaro a gefe ko ya ci wani abu yau. A gaban abokansa ba zai faɗa maka gaskiya ba.

"Mu da muka yi ƙwallo a da, an hana mu shan ruwa sai an tashi, wai yana kashe jiki. Yanzu ina horar da yara 22, 'yan shekara 14 zuwa 17. In bar su su sha? Nawa?"

Ka bar su, Malam, har ma ka tsayar da wasa don su sha. Waccan tarbiyya da muka taso da ita ba ta ƙara wa kowa juriya ba. Jiki yana sabawa da zafi cikin kwana goma zuwa sati biyu, amma ba ya sabawa da rashin ruwa. Abin da ya jawo wa ruwa baƙin jini shi ne a hana yaro awa guda, sannan ya kafa kai ya ɗaɗɗaki lita ɗaya a tashi guda, ya koma fili ruwa na ƙugi a cikinsa. Laifin na shan ne, ba na ruwan ba.

Shan yana farawa tun daga gida. Awa biyu zuwa huɗu kafin horo, yaro mai kilo 50 ya sha wajen rabin lita, wato kusan ledar piyawata ɗaya. A fili kuma, kowane minti 20 ka busa usur, kowa ya sha kofi ɗaya, kamar rubu'in lita. Kada ka jira su roƙa. Yaron da ƙwallo ke ƙafarsa ba ya tuna ƙishirwa.

Ga yadda za ka gane ko abin ya wadatar, da sikelin nan na tsayawa a kai. Ɗauki yaro mai kilo 50 daidai kafin a fara, cikin watan Afrilu da zafin Damagaram ke haura digiri 40. An yi awa ɗaya da rabi, ya sha leda ɗaya kawai. Ya cire jiƙaƙƙiyar riga, ya hau sikeli, ka ga 48.8. Wannan kilo 1.2 da ya ɓace ba kitse ba ne, ruwa ne, don kowane kilo ɗaya lita ɗaya ke nan. Haɗa da rabin litar da ya sha, ka ga gumin da ya zubar ya kai lita 1.7. Iyakar da muke dubawa ita ce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, wanda a wurinsa kilo ɗaya ne. Ya wuce ta. Shi ne yaron da za ka gani a ƙarshen wasa yana ba da ƙwallo ga abokin hamayya, yana riƙe ƙugu, ka ɗauka lalaci ne. Don ya mayar, sai ya sha fiye da abin da ya rasa, tunda wani zai fita ta fitsari: kowane kilo ɗaya, lita ɗaya da rubu'i zuwa ɗaya da rabi. Shi wannan yaron, leda uku zuwa huɗu, a hankali daga tashi wasa har kwanciya, tare da abinci. Ba sai ka auna su kullum ba. Ka yi sau biyu ko uku a bazara, za ka san masu yawan gumi a cikinsu. In kuma ka ga wani ya fi nauyi bayan wasa, to ya sha fiye da ƙima, shi ma ba a so, domin ruwa mai yawa yana tsinka gishirin jini.

In babu sikeli, fitsarin safe ya isa shaida. Mai haske, ruwan ɗorawa-ɗorawa kaɗan, lafiya lau. Wanda ya yi duhu kamar shayi, kuma ɗan kaɗan, yaron ya kwana da bashin ruwa. Ka koya musu su duba da kansu.

Na san inda gizo ke saƙa: a garin nan ruwa ba abin wasa ba ne, wata unguwar sai a kwana biyu famfo bai kawo ba. To ka yi lissafi tun da wuri. Yara 22, kowa lita ɗaya da rabi, lita 33 ke nan. Jarka biyu masu lita 25 sun ishe ku, har da na zuba wa kai. A naɗe su da jiƙaƙƙen buhu a ajiye a inuwa, don yaro ya fi shan ruwa mai sanyi. Ya zama ruwan da kuka yarda da tsabtarsa, kowa kuma da gorarsa ko kofinsa. Ranar da ba a samo ruwa ba cikin bazara, shawarata a ɗage horon. Kuma kada hunturu ya ruɗe ka. A Disamba da Janairu iska na busar da gumi nan take, riga ba ta jiƙewa, ƙishirwa ba ta damun yaro, amma ruwan na fita.

"Ɗana na dawowa daga tamola a gajiye. Ba kullum muke da nama ba. Abokansa sun ce ya riƙa sayen lemon gwangwani mai ƙara kuzari. In ba shi kuɗin?"

A'a, Hajiya, ki riƙe kuɗinki. Waɗannan gwangwanaye abin da ke cikinsu sukari ne da sinadarin kafin, irin na kofi, mai sa bugun zuciya da hana barci, kuma likitocin yara ba su yarda yaro ko matashi ya sha su ba. Da kuɗin gwangwani ɗaya za ki saya masa abin da ya fi shi.

Jikin da ya gama gudu abu uku yake nema: hatsi da zai mayar da ƙarfin da ya ƙone, abin gina tsoka, da ruwa mai ɗan gishiri. Fura da nono ta haɗa kusan duka, gero ga ƙarfi, nono ga tsoka, ga ruwa. Kofi babba cikin awar farko bayan ya dawo, in dai nonon mai tsabta ne kuma da ruwa mai kyau aka dama. Yaro mai kilo 50 yana son kamar giram 15 na furotin, wato abin gina tsoka, a wannan zama. Ƙwai ɗaya na da wajen giram 6, kofin nono wajen 8, kin ga ƙwai ɗaya da kofin nono sun kusa biya. In babu, shinkafa da wake, dambu da zogale da ƙuli-ƙuli, ko awarar nan da na hana kafin wasa, yanzu lokacinta ne. Gishirin da ya fita da gumi kuma miyar dare za ta mayar da shi, ba sai an sayi wani abu ba.

Abu ɗaya zan ƙara. In ya ci abinci, kada ya bi shi da shayi mai kauri nan take, domin shayi na hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini. Ya bari awa ɗaya ta wuce. Wannan ya fi shafar 'yan mata masu wasa da suka fara al'ada. Gajiyar da ba ta tafiya duk da ci da barci, da haki, da farin ido, a kai yaro a auna jininsa.

"Ran nan wani yaro ya zube a fili, muka ɗura masa ruwan sukari. Mun yi daidai?"

In idonsa biyu, yana magana daidai, yana iya riƙe kofi da kansa, ba laifi. A kai shi inuwa, a kwantar, a ɗaga ƙafafunsa, ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Ruwan gishiri da sukari ya fi na sukari zalla: lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada ya koma wasa a ranar, ko da ya ce ya warke.

Amma in yana sambatu, ko bai san inda yake ba, ko yana tangaɗi, ko ya suma, kada a zuba masa komai a baki, zai iya shaƙewa ruwan ya tafi huhu. Wannan zafi ne ya bugi ƙwaƙwalwa, kuma yana kisa. Kada ku ce ai yana gumi, ba komai. Mai wannan hali sau da yawa jikinsa sharkaf yake. A cire masa riga, a kwarara masa ruwa mafi sanyi da ake da shi a duk jiki, a yi ta fifita, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi in akwai. Ana sanyayawa ana neman abin hawa zuwa asibiti, a ci gaba da zuba ruwan har a hanya.

Tun kafin a kai nan, Malam, ka riƙa tambaya a farkon horo wa ya kwana da zazzaɓi, ko gudawa, ko amai. Duk wanda ya ɗaga hannu ya zauna a inuwa ranar. Ka kuma san yaran da ke da sikila a cikinsu, domin rashin ruwa da zafi na tayar musu da ciwo. Su likitansu ne zai faɗi iya wasan da za su yi.