Haɗa gajerun jimloli da who da which

"Malamina yace rubutuna duk gajerun jimloli ne shi yasa makin nahawu baya tashi a jarrabawar Turanci ta IELTS, ya zan yi?"

Ɗan'uwa nemo jimloli biyu da suke maimaita suna ɗaya. Misali "The city built a road. The road reduced traffic." sai ka cire The road na jimla ta biyu ka sa which ko that a gurbinsa: "The city built a road that reduced traffic." Mutum kuma who.

Inda ake yawan faɗuwa shine barin wakilin suna, kamar "the book which I read it", wannan it ɗin Hausarmu ce ta biyo ka, don mu muna cewa littafin da na karanta shi, to goge shi. In ƙarin bayani ne kawai, sai ka sa waƙafi, kuma that baya shiga nan, sai which ko who.