Kuɗin da ke hannun masu bashi, yana cikin jari?

Tambaya: Malam, ina sayar da atamfa a Kasuwar Wunti da ke Bauchi. Da na zauna lissafin ƙarshen wata, sai na tarar naira 40,000 na hannun masu bashi. Shin in cire su daga jarina ne?

Amsa: Hajiya, kada ki yi gaggawar cire su, domin kuɗin da kike bin wani, matuƙar akwai kyakkyawan zaton zai biya, kadara ce kamar turmin atamfar da ke kan kantarki.

Akwai wata budurwa mai sayar da turaren wuta da ta shiga adashin mutum 10, ana zubin naira 5,000 duk Juma'a, mai kwasa kuma ta ɗauki 50,000. Kwasarta ta faɗa a mako na tara. A mako na shida ta je wurin uwar adashi rai a ɓace, tana cewa ita kullum sai zubi, jakarta ta bushe, alhali wadda ta kwasa a mako na biyu har ta sayi keken ɗinki.

Uwar adashi ta jawo littafinta daga ƙarƙashin tabarma, ta ɗora yatsa a kan sunayen biyu, ta ce: "'Yata, kowaccenku ta zuba 30,000. Ita ta karɓi 50,000, saboda haka ana bin ta 20,000. Ke kuwa ba ki karɓi ko sisi ba, ke ce kike bin ƙungiya 30,000." Ta ƙara nuna mata cewa ranar kwasarta zubinta zai kai 45,000, don haka da zarar ta karɓi 50,000, ita ce za ta koma wadda ake bi 5,000. Budurwar ta koma gida ta buɗe sabon shafi a littafinta, ta rubuta 30,000 kusa da ƙimar kwalaben turarenta.

Sai dai wannan kadara tana da iyaka. Dila a Kantin Kwari ba zai ba ki kaya da alkawarin wani ba, kuma idan farashi ya tashi kafin a biya ki, kuɗin ba zai sayo yawan turamen da kika bayar ba.

Saboda haka ki bi 40,000 ɗin suna bayan suna, tare da ranar da kowa ya ɗauki kaya. Ma'aikaciyar da ta saba biya idan albashi ya shiga, ki lissafa nata gaba ɗaya. Wadda kuwa ta shafe wata uku, ta daina ɗaga waya, har ta sauya hanya don kada ta bi ta gaban shagonki, a ganina ki ware nata a shafi daban, ki ci gaba da neman haƙƙinki, amma kada ki sa shi cikin kuɗin da za ki yi sari da shi.