Agogon Kawu da ke gudu: amsar mai gyara daga guruf ɗin 'yan garinmu

Tambayar Kawu: "Salamu alaikum. Seiko 5 ɗina ce ta rikice, kullum sai ta ƙara minti 20. Ba ta faɗi ba, ba ta shiga ruwa ba. Wani yaro ya ce wai maganaɗisu ne. Gaskiya ne, ko ta mutu ne?"

Amsa:

Wa alaikumus salam Kawu, barka da yamma, ya gona? Ku yi haƙuri da ƙarar inji, ina bakin kasuwar Gumel ne. To, ba ta mutu ba. Yaron nan akwai alamar ya yi gaskiya, kuma ni na fi zargin rediyon nan taka. Na san ka, in za ka kwanta kana cire agogo ka ɗora a kanta. Bayan kowace sifika akwai maganaɗisu mai ƙarfi, haka ma murfin waya irin mai mannewa da kansa.

Bari in faɗa maka abin da ke ciki. Agogon da ba ya amfani da batir, abin da ke riƙe masa lokaci wani ɗan wili ne da muke ce wa balans. Ba zagayawa yake ba, zuwa yake ya dawo, ya je ya dawo. Abin da ke dawo da shi wani sifirin ne siriri kamar gashi, an naɗe shi zagaye-zagaye, kuma tsakanin kowane zagaye da na kusa da shi akwai 'yar tazara. In ka leƙa lafiyayye yana aiki za ka ga yana buɗewa yana tsukewa, babu zagayen da ke taɓa ɗan'uwansa. Irin taka, wilin yana bugawa sau 6 a daƙiƙa, wato sau 21,600 a awa. Agogon bai san lokaci ba Kawu, ƙirga bugun nan kawai yake yi. In ya ƙirga 21,600 sai ya ce awa ta cika.

To ga inda matsalar take. In maganaɗisu ya kama sifirin nan, sai zagayen su riƙa jan juna, biyu ko uku su manne. Wurin da ya manne ya daina aiki, sifirin ya gajarce ke nan. Ka san lilon yara, in aka rage igiya sai ya riƙa kai-komo da sauri. Haka wilin yake yi. Kuma ba sai ya gajarce da yawa ba. Minti 20 a wuni da kwana bai kai kashi 1 da rabi cikin 100 ba, tsawon sifirin kuwa in ya ragu da kamar kashi 3 cikin 100 ya isa ya jawo haka. Agogon naka yana ƙara bugu 7,200 kullum, shi ne kake gani a fuskarsa. Wani in ya manne sosai a awa ɗaya ma sai ya ƙara mintuna, wani kuma ya tsaya cak.

Za ka ce ai ka ɗauke shi daga kan rediyon, me ya sa bai dawo daidai ba? Ƙarfe yana riƙe abin. A cikinsa akwai ƙananan sassa da ido ba ya gani, kowanne da ɗan maganaɗisunsa, amma a warwatse suke, wannan ya kalli nan wancan ya kalli can, sai ƙarfinsu ya kashe juna. Babban maganaɗisu in ya zo kusa sai ya juya su duk su fuskanci gefe ɗaya, kuma ko ya tafi da yawansu suna nan a haka.

Kafin ka kashe ko kwabo, gwada da kanka. Nemo kamfas ɗin nan na duba alƙibla, mai allura, ka ajiye a ƙasa nesa da waya da rediyo, ka bari allurar ta natsu. Sai ka kawo agogon kusa a hankali kana jujjuya shi. In allurar ta ɗan motsa kaɗan, wannan ba hujja ba ce, kowane ƙarfe yana iya sa ta haka. Amma in ta zabura ta bi agogon, wani gefen ya ja ta wani gefen ya kore ta, to shi ne.

Cirewar kuma ba a ko buɗe agogon. Akwai wata 'yar na'ura, galibi shuɗiya ce, ba ta fi tafin hannu ba, da maɓalli ɗaya. Waya ce naɗaɗɗiya a cikinta. Wutar NEPA ai kai-komo take yi sau 50 a daƙiƙa, to maganaɗisun da na'urar ke yi shi ma haka yake juyawa, yana jan sassan nan gaba yana jan su baya. Zan ɗora agogon a kai, in danna maɓallin in riƙe, sannan in riƙa ɗaga agogon sama a hankali a hankali har iya tsawon hannuna. Sai a nan zan saki maɓallin. Ɗagawar nan ita ce aikin gaba ɗaya. Yayin da agogon ke nisa, ƙarfin juyin yana raguwa, sassan suna tsayawa ɗaya bayan ɗaya, kowanne a inda juyin ƙarshe ya bar shi, har su koma a warwatse. In mutum ya saki maɓallin agogon yana kan na'urar, ya tsayar da su duka suna kallon gefe ɗaya, sai ka ga abin ya fi da muni. Nakan juya agogon ta wani gefen in maimaita, sannan in koma kan kamfas. Ba a daɗe ana danna maɓallin, na'urar tana zafi. Kuma da janareta ma tana yi, amma batir kai tsaye ba ya yi, tunda wutarsa hanya ɗaya take bi, ƙara masa ma za ta yi.

Wanda ke da agogo mai batir a guruf ɗin nan, kada ya kawo a sa masa. Shi akwai ɗan maganaɗisu a injinsa wanda da shi yake tafiya, ba a son a raunana shi.

Abin da nake roƙonka Kawu, kada ka bari wani ya buɗe ya taɓa ɗan hannun nan da ke tsakanin alamar + da -. Aikinsa saita ɗan bambancin gudu ne, a agogon da sifirinsa ke lafiya. In aka tura shi ƙarshe don a rage gudun, ranar da aka cire maganaɗisun sai agogon ya koma latti, aiki ya zama biyu. Haka kuma kada a ɗiga masa mai.

Maganar mai ta tuna min. Ba maganaɗisu kaɗai ke manne sifirin ba, ɗigon mai ko datti ma yana yi, kuma gudun iri ɗaya ne. In kamfas bai nuna komai ba, ko na cire amma gudun bai ragu ba, to sai na buɗe na sa madubin ido. In mai ne, wanke wilin za a yi. In kuma zagaye ɗaya ne ya hau kan wani saboda bugu, ko da ba ka lura da lokacin ba, sai a sauko da shi da hantsaki, wannan yana ɗan cin lokaci.

Ka ba direban da ke shigowa Gumel ya kawo min, ka naɗe shi a tsumma, kada ya sa shi aljihu ɗaya da wayarsa. In ya dawo maka, saita shi da agogon waya bayan sallar asuba, washegari war haka ka duba. Irin wannan injin in ya ƙara ko ya rage daƙiƙa 20 zuwa 30 a kwana, lafiyarsa ƙalau. Ka turo min abin da ka gani. A gaida su Inna.