Yadda ake raba labari ɗaya zuwa kashi 12

"Maigida, furodusa ya ba ni aikin rubuta zango ɗaya mai kashi 12. Na rubuta uku, labarin ya ƙare mini a hannu. Yaya ake tsara shi ya kai ƙarshe, kuma mai kallo ya riƙa dawowa duk mako?"

Ƙanena, ajiye waɗannan ukun tukuna. Daga kashi na 12 ake fara tsara zango. Ka rubuta tambaya ɗaya da zangon zai amsa, ka rubuta amsarta a ƙasa. In ba ta shiga layi biyu ba, labarin bai nuna ba.

Mu ɗauki misali. Mijin Hajara ya rasu, takardar gida ta ɓata, wan mijin ya ce marigayin ya sayar masa da gidan. Tambayar ita ce: wa ya ɗauke takardar, kuma gidan zai tsira wa marayu? Amsa: babban ɗanta ne ya jinginar da ita saboda bashi. Sai ka ɗaura wa labarin wa'adi. Takaba wata huɗu ce da kwana goma, wan mijin ya ce ranar da ta fita takaba ta bar masa gida. Yanzu kowane kashi yana cin kusan kwana goma sha ɗaya daga wa'adin, mai kallo yana lissafi tare da ita.

Samu kati 12 ka jera a bango, amma huɗu kawai za ka fara cikawa. Na 1, takarda ta ɓata, an sa wa'adi. Na 6, labari ya juya: mai kallo ya ga ɗan da mai bashi, alhali uwar ba ta sani ba. Na 10, Hajara ta gano, ga shi in ta faɗi gaskiya a gaban alƙali ɗanta za ta tona wa asiri. Na 12, hukunci. Na 6 shi ne ginshiƙi. Kafinsa mai kallo yana tambayar wa ya ɗauka, bayansa yana tambayar yaushe za ta sani. Tambayar da ba ta sauya ba ba ta iya ɗaukar mako 12, shi ya sa naka ya mutu a na uku.

Kashi mai zaman kansa kuwa, uku sun isa, ka sa su a na 3, na 5 da na 8. Kowanne da matsalarsa da za ta tashi ta kwanta a cikinsa. A na 5, a ce dangin saurayin 'yar Hajara sun janye maganar aure saboda rigimar gidan, kafin kashin ya ƙare an san matsaya. Kashi mai minti 45 yakan ci shafi 45, fitowa 22 zuwa 25. Ka bar wa babban labari huɗu daga ciki, kuma ɗaya ta kawo sabon abu, misali a ga ɗan ya ba da gudunmawar kuɗin da ya fi ƙarfin samunsa. Ga gwaji: cire katin daga bango. In na gaba ya tafi daidai ba giɓi, cike gurbi ka yi. Kada kuma ka jera biyu a jere, ko ka sa ɗaya bayan na 9, lokacin hankalin kowa yana kan kotu.

Yanke labari a gaɓar jan rai bashi ne kake ɗauka, biyansa kuma a minti biyar na farkon kashi na gaba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne na ƙarya: an buga ƙofa da ƙarfi, kiɗa ya tashi, mako mai zuwa sai a ga almajiri ne. Sau biyu za ka yi haka mutane su daina yarda da kai. Na gaske shi ne wanda ya sauya halin da ake ciki, ba a iya komawa baya. Manya guda huɗu sun isa, a ƙarshen na 1, na 6, na 9 da na 11. Na 9 zai iya tsayawa daidai inda mai bashi ya yi sallama a ƙofar gida, ya ce Hajara yake nema, ba ɗanta ba. Sauran ka rufe su da shawarar da wani ya yanke, ko sirrin da mai kallo kaɗai ya gani.

Kada ka bari a fita aiki kafin ka gama duka 12. Ana ɗaukar fim ne wuri bayan wuri, duk fitowar tsakar gidan Hajara a 'yan kwanaki a jere, daga kashi na 1 har na 12. In daga baya ka tuna kana son a ga ɗan yana raɓar akwatin mahaifinsa a na 2, an riga an bar gidan, komawa kuma sabon kuɗi ne. Don haka duk abin da zai fashe a na 10, ka koma ka shuka shi sau biyu kafin na 6, ka rubuta a bayan katin inda ka shuka shi.

In furodusa yana son zango na biyu, amsa maganar gida gaba ɗaya a na 12, sannan ka buɗe sabuwa a fitowar ƙarshe. Mai bashin har yanzu ba a biya shi ba.